Yadda Ake Zaɓen Kalmar Girma a Rubutu: Babba, Ƙato, Makeke, Gagarumi da Mai Tsoka

Mai rubutu da Hausa yana da kalmomi da yawa na bayyana girman abu, amma sau da yawa sai ka tarar ya rungumi ɗaya tak, wato babba, yana liƙa ta ga gida da gona da taro da asara, har mai karatu ya kasa gane wace irin girma ake nufi. Wani kuma, don gudun maimaici, sai ya ɗauko ƙato ko gagarumi ya jefa a inda ba muhallinsu ba, ya ce ƙaton malami alhali girmamawa yake nufi, ko ya ce gagarumin buhu alhali buhu ba ya gagara. Waɗannan kalmomi makusantan juna ne a ma'ana, amma kowace tana auna girma ta fuska dabam, kuma aikin marubuci shi ne ya gano fuskar kafin ya zaɓi kalmar. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko shi ne ka tambayi kanka ko girman da kake nufi na matsayi ne. Idan na daraja ne, ko na shekaru, ko na fifiko a tsakanin 'yan uwan abu, to babba ce kalmar, kuma babu wata da za ta maye gurbinta. Babban ɗa shi ne wanda aka fara haifa, ko da ƙanensa ya fi shi tsawo da jiki. Babban birni shi ne mazaunin gwamnati, shi ya sa Abuja take babban birnin Najeriya ko da yake Legas da Kano sun fi ta yawan jama'a. Haka abin yake ga Babbar Sallah, da babbar kotu, da babban limami, da Babban Bankin Najeriya. Akwai kuma wuraren da babba ta riga ta manne da suna har suka zama sunan abu guda, kamar babbar riga, da babban yatsa, da babbar mota. Wanda ya ce ƙatuwar riga ya faɗi wani abu dabam, domin yana nufin rigar da ta yi wa mai ita yawa, ba rigar da ake sawa a je ɗaurin aure ba. A irin waɗannan wurare kada tsoron maimaici ya sa ka taɓa kalmar. Ko sau biyar ta fito a shafi, a bar ta.

Idan ka tabbata ba matsayi kake nufi ba, sai ka matsa zuwa mataki na biyu, wanda shi ne zuciyar aikin: ka dubi siffar abin, ka ga ta ina girman ya fito. Hausa tana da rukunin siffofi na musamman waɗanda ba girma kawai suke faɗa ba, har da kamannin abin suke zanawa a idon mai sauraro, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Abin da yake dunƙulalle, mai jiki da kauri, wanda ido ke iya kewaye shi a kallo ɗaya, shi ne ƙato. Dutsen Zuma da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ƙaton dutse ne, domin curi guda ne da ya tashi sama, kana ganin farkonsa da ƙarshensa. Ana cewa ƙaton sa, ƙatuwar tukunya, ƙaton kifi, ƙaton ƙurji. Idan nauyi da cika wuri ake so a nuna fiye da haka, sai a ce shirgege ko jibgege, kamar shirgegiyar mota da ta tare hanya, ko jibgegen rago da aka ɗaure a ƙofar gida ana jiran layya. Ɗirkeke kuma ya fi dacewa da abin da yake tsaye a kafe, mai kauri, kamar ɗirkeken ginshiƙi ko ɗirkekiyar bishiyar kuka.

Abin da yake shimfiɗaɗɗe kuwa, wanda girmansa faɗi ne, shi ne makeke. Hamadar Sahara, wadda faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 9, makekiyar hamada ce, kuma kunnen Bahaushe ba zai karɓi ƙatuwar hamada da daɗi ba, domin hamada ba ta da jikin da za a runguma. Haka ake cewa makeken fili, makekiyar gona, makeken daji irin na Yankari da ke jihar Bauchi, makekiyar tabarma, makeken allo. Ka lura cewa ba dole ne abin ya kai girman ƙasa ba kafin a kira shi makeke. Faranti ma yana iya zama makeke idan ya fi sauran faranta faɗi, domin kalmar tana auna abu ne da irinsa. Abin da take buƙata kawai shi ne abin ya kasance a baje. Tafkeke yana kusa da makeke, sai dai yana haɗa faɗi da yalwar ciki, shi ya sa ake jin tafkeken gida da tafkeken falo. Idan kuma faɗin na baki ne, wato abin a buɗe yake kamar zai haɗiye mutum, akwai wawakeke, kamar wawakeken ramin da zaizayar ƙasa ta bari a gefen hanya.

Tsawo shi ma yana da nasa kalmomin. Zungurere na abin da ya miƙe ne ya yi tsawo ba tare da kauri ba, kamar zungureriyar sanda, ko zungureren layin motoci a gidan mai, ko zungureriyar wasiƙa da ta ƙi ƙarewa. Zabgege ya fi zuwa ga mutum dogo. Wanda ya kira layin motoci ƙato bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya zubar da hoton da kalma ɗaya za ta iya bayarwa, domin mai karatu ba zai ga layin ya miƙe har ya sha kwana ba.

Ga gini da ma'aikata akwai katafare, kalmar da ke haɗa girman jiki da tsari da kuɗin da aka kashe. Matatar man Dangote da ke Lekki a jihar Legas, wadda aka ƙaddamar a shekarar 2023 da ƙarfin tace gangar mai 650,000 a rana, katafariyar matata ce. Ana cewa katafaren kamfani, katafaren asibiti, katafaren kanti. Danƙarere yana kusa da ita, amma ya fi karkata ga ƙawa da tsada, kamar danƙareren gida ko danƙareriyar sarƙar zinariya. Tsohon kangon da ya rushe yana iya zama ƙato ko makeke, amma ba za a kira shi danƙarere ba, domin babu sauran abin sha'awa a jikinsa.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gwada ko ka dace a wannan mataki, wato ka nemi kishiyar abin da kake son faɗa. Idan kishiyar ita ce ƙarami a daraja, babba kake nema. Idan matsattse ce, makeke kake nema. Idan gajere ce, zungurere kake nema. Idan kuma abin da ya zo maka shi ne ɗan kaɗan, to ba siffar jiki kake nema ba sam, adadi kake nufi, kuma za mu zo kansa.

Mataki na uku ya shafi abubuwan da ba a taɓawa da hannu: aiki, taro, sauyi, nasara, matsala, bala'i. A nan ƙato da makeke ba su da wurin zama a rubutu na tsanaki, sai gagarumi. Gagarumi na abin da ya faru ne ko aka aiwatar, wanda tasirinsa ya game mutane da yawa ko ya ci ƙarfi da dukiya. Gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a shekarar 1968, gagarumin aiki ne, ita kuwa madatsar kanta katafariya ce, tafkin da ya taru a bayanta kuma makeke ne. Wuri ɗaya ne, amma kalmomi uku, domin aiki dabam, gini dabam, shimfiɗar ruwa dabam. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, gagarumar ambaliya ce ta fuskar yawan unguwannin da ta shafa. Amma idan hankalin marubuci yana kan rayuka da dukiyar da aka rasa, mummunar ambaliya ta fi dacewa, domin gagarumi ba ya nuna alhini, yana tafiya da alheri da sharri duka, ana cewa gagarumar nasara kamar yadda ake cewa gagarumar matsala.

Ƙasaitacce yana zama a gefen alheri kawai. Kalma ce ta biki da sarauta da ado, don haka ana cewa ƙasaitaccen biki, ƙasaitacciyar liyafa, ƙasaitaccen hawan daba. Ba a cewa ƙasaitacciyar gobara ko ƙasaitaccen hatsari, kuma duk wanda ya rubuta haka a labarin mutuwa ya ɓata wa masu makoki rai ba tare da ya sani ba. A ganina gagarumi ita ce kalmar da aka fi wahalarwa a rubutun labarai na yau, inda kowane taron ƙungiya na mutum talatin ya zama gagarumin taro, kowane gyaran kwalbati ya zama gagarumin aiki. Idan aka ci gaba da haka, ranar da abin da ya cancanci kalmar ya faru, za a tarar ba ta da sauran nauyi. Kafin ka rubuta ta, ka tambayi kanka ko za ka iya kawo hujja a jimla ta gaba, kamar yawan mutanen da abin ya shafa ko tsawon lokacin da aka ɗauka. Idan babu hujjar, babba ta wadatar, ko ma a bar sunan shi kaɗai.

Mataki na huɗu na adadi ne da kima, kuma shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan a rahoto da wasiƙar ofis da rubutun bincike. Sau da yawa abin da marubuci yake son faɗa shi ne cewa abu ya kai a lura da shi, ba kaɗan ba ne, amma kuma bai kai a yi kururuwa ba. Kalmar wannan matsayi ita ce mai tsoka: kaso mai tsoka, ƙari mai tsoka, tallafi mai tsoka, riba mai tsoka. Tana nuna cewa abin yana da auki, wanda ya samu ya san ya samu. Gwaggwaɓa tana kusa da ita, sai dai ta fi zuwa ga abin da aka bayar ko aka samu, kamar gwaggwaɓar kyauta ko gwaggwaɓar riba. Ƙasa da wannan akwai da dama, wadda ke nufin adadi mai ɗan yawa ba tare da an cika baki ba, kamar a ce mutane da dama sun halarta. Sama da ita kuma akwai ɗimbin da maƙudan. Ɗimbin tana tafiya da jama'a da dukiya da matsaloli, maƙudan kuwa kusan kullum da kuɗi take tafiya, shi ya sa maƙudan kuɗi ya zauna a kunne, maƙudan mutane kuwa bai zauna ba. Idan kana da ainihin lissafin a hannu, ka rubuta shi, ka rage dogaro da siffa, domin mai karatu da ya ga adadin zai yanke wa kansa hukuncin ko mai tsoka ne ko ba mai tsoka ba.

Mataki na biyar shi ne ka duba wanda kake magana a kansa da wanda zai karanta. Siffofin nan masu zana kamanni, irin su shirgege da jibgege da narkeke, suna ɗauke da motsin rai, wani lokaci mamaki, wani lokaci raini. Jibgegen rago yabo ne ga mai ragon, amma shirgegiyar mata cin fuska ne. Ƙato kanta, idan ta tsaya a matsayin suna, tana nufin namiji mai ƙarfi wanda ba a ganin mutuncinsa sosai, kamar a ce wani ƙato ya tare ƙofa, ko ƙatti sun kewaye gidan. Don haka babban mutum da ƙaton mutum sun yi hannun riga, na farko dattijo ne mai daraja, na biyu mai jiki ne kawai. Idan girman mutum a sana'arsa ake nufi, kowane fage da kalmarsa: hamshaƙin attajiri, shahararren mawaƙi, babban malami ko mashahurin malami, sannan ƙasurgumin ɓarawo ga wanda ya yi suna a ɓarna. Gawurtacce tana iya zuwa ga gwani kowane iri, amma yawan jin ta tare da 'yan fashi ya sa ya kamata a yi hattara kafin a liƙa ta ga mutumin kirki. A labarin ƙirƙira da hira, siffofi masu zana kamanni su ne gishirin zance. A takardar gwamnati ko ta makaranta kuwa, an fi samun natsuwa da babba, da mai faɗi, da mai yawa, da mai tsoka.

Bayan an zaɓi kalma, saura a daidaita ta da sunan da take siffantawa, wanda shi ne mataki na shida. Babba ba ta canza jiki tsakanin namiji da mace, ɗafin kawai ke canzawa, babban gida da babbar kasuwa, jam'inta kuma manya. Sauran suna canzawa: ƙato, ƙatuwa, ƙatti, gagarumi, gagaruma, gagarumai, ƙasaitacce, ƙasaitacciya, ƙasaitattu. Rukunin makeke yana da tsarinsa na jam'i, inda ake yanke kalmar a ninka ta: makeke, makekiya, maka-maka, shirgege, shirgegiya, shirga-shirga, zungurere, zungureriya, zungura-zungura, jibgege, jibgegiya, jibga-jibga. Saboda haka ake cewa maka-makan gonaki da jibga-jibgan raguna. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar siffar a tilo alhali sunan jam'i ne, ko a ruɗu da sunayen da suka ƙare da wasalin a amma maza ne, irin su gida da ruwa, a rubuta makekiyar gida maimakon makeken gida. Kada kuma a jera biyu a kan suna ɗaya, kamar gagarumin babban taro, domin ta biyun ba ta ƙara komai. Idan wata kalma ta shige maka duhu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, wuri ne mai kyau na duba jinsi da jam'i, amma sanin sunan da kalma ta saba tafiya da shi sai an saurari masu harshen.

Bari mu gwada matakan a kan wani ɗan rahoto da aka tsara don misali, irin wanda mai koyon aikin jarida zai iya kawowa:

"An yi babbar gobara a babbar kasuwar garin a daren Talata. Wutar ta tashi ne daga wani babban shago da ke kusa da babbar ƙofa, ta cinye manyan buhunan hatsi, sannan ta bazu zuwa wani babban fili da ake ajiye motoci. Babban taron jama'a ya hallara, kuma 'yan kasuwa sun yi babbar asara. Wani babban ɗan kasuwa ya ba da babbar gudummawa."

Kalmar ta fito sau goma a jimloli huɗu, amma ba duka ne suke buƙatar gyara ba. Babbar kasuwar garin da babbar ƙofa na matsayi ne, wato kasuwar da ta fi sauran kasuwannin garin da ƙofar da aka fi shiga ta cikinta, don haka suna nan yadda suke. Gobara abu ne da ya faru, kuma tun da rahoton yana magana a kan asara, mummunar gobara ta fi gagarumar gobara dacewa. Shagon gini ne na kasuwanci, idan da gaske yana da girma da kaya sai a ce katafaren shago, idan kuwa marubucin bai gan shi da idonsa ba, ya ce wani shago kawai. Manyan buhuna yana da ruɗani, domin mai karatu zai ɗauka girman kowane buhu ake nufi, alhali abin da ya fi muhimmanci a gobara shi ne yawansu, saboda haka ɗimbin buhunan hatsi ya fi kusa da manufa. Filin ajiye motoci shimfiɗaɗɗe ne, makeken fili ke nan. Mutanen da suka taru ba taro aka kira ba, kawo ɗauki suka yi, don haka babu wurin gagarumin taro, kuma tun da an riga an yi amfani da ɗimbin, sai a ce jama'a da dama ko jama'a masu yawa, gwargwadon abin da aka gani. Asara ta kuɗi ce, sai a ce asarar maƙudan kuɗi, in kuma hukuma ta fitar da ƙiyasi a sa shi a wurin. Ɗan kasuwar hamshaƙi ne idan dukiyarsa ake nufi, amma idan shugaba ne a ƙungiyar 'yan kasuwa, gara a faɗi muƙaminsa. Gudummawar kuma mai tsoka ce. Ba a cewa asara mai tsoka, domin tsoka abin so ce, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa kalmar ta dace da gudummawa ta ƙi dacewa da asara duk da cewa dukansu kuɗi ne.

Ga yadda rahoton zai koma:

"An yi mummunar gobara a babbar kasuwar garin a daren Talata. Wutar ta tashi ne daga wani katafaren shago da ke kusa da babbar ƙofa, ta cinye ɗimbin buhunan hatsi, sannan ta bazu zuwa wani makeken fili da ake ajiye motoci. Jama'a da dama sun kawo ɗauki, amma 'yan kasuwa sun yi asarar maƙudan kuɗi. Wani hamshaƙin ɗan kasuwa ya ba da gudummawa mai tsoka."

Ko a haka ma aikin bai ƙare ba, domin yanzu siffofi masu nauyi sun yi yawa a ɗan ƙaramin sakin layi, kuma idan aka karanta shi da ƙarfi za a ji kamar ana kirari. Mataki na ƙarshe shi ne ragewa. Girman shagon da wutar ta tashi daga cikinsa bai ƙara wa labarin komai ba, don haka katafaren zai iya fita a bar wani shago. Haka ma makeken, sai fa idan faɗin filin shi ne ya sa motoci da yawa suka ƙone, a nan kalmar tana da aikin yi, a bar ta. Hamshaƙin ma zai iya fita, tun da gudummawa mai tsoka ta riga ta nuna cewa mai bayarwar yana da hali. Abin da zai rage shi ne mummunar gobara, da ɗimbin buhuna, da maƙudan kuɗi, da gudummawa mai tsoka, tare da babbar kasuwa da babbar ƙofa waɗanda tun farko ba a taɓa su ba.